Malama Saudat da Dokar Taga

Ni Atika, shekara goma sha huɗu ke nan ina aikin raino a wata ƙaramar makarantar kuɗi a Sharaɗa. Ni ke wanke wanda ya ɓata wando, ni ke raba faɗa, ni ke buɗe kwanon abincin da ya ƙi buɗuwa. Malamai sun zo sun wuce a gabana ba adadi, kuma gaskiya yawancinsu ban riƙe ko sunansu ba. Amma Malama Saudat, malamar ajin 'yan shekara biyar, ita kam dole in ba da labarinta, don ta taɓa sa ni na kusa haɗiye zuciya saboda taurin kanta.

'Yar Sharaɗa ce gaba da baya. Gonar da mahaifinta ya noma dawa tana yarinya, yanzu sito ne ake jibge buhuna a ciki. Da ta gama sakandare sai ta shiga wani kamfanin tabarmar roba, ta yi shekara tara tana yanke gefen tabarma. A can ta yi aure, ta haifi 'ya'yanta uku, tana zuwa karatun koyarwa ranakun Asabar da Lahadi har ta samu takarda. Gajera ce, ba ta da ɗaga murya, kuma ba ta riƙe bulala. Wannan na ƙarshen shi ya fara haɗa ni da ita. Yara talatin da ɗaya ba bulala? Na ce wannan baiwar Allah ba ta san inda ta zo ba.

Cikin yaran akwai Sumayya. Uwarta Aina'u tana aiki a kamfanin buhu da ke tsallaken titi, daidai saitin tagar ajinmu. Tana fita ƙarfe shida na safe yarinya tana barci, maƙwabciya ce ke kawo ta makaranta, kuma ba ta dawowa sai shida na yamma. Mahaifin Sumayya direban babbar mota ne, sai ya yi wata bai taka Kano ba. Ƙarfe sha ɗaya da rabi kamfanin yana kaɗa jiniya, ma'aikata su fito cin abinci na rabin awa. Sumayya ta gane wannan. Jiniya na yin kuka sai ka neme ta ka rasa.

Daidai lokacin ne kuma 'yan firamare ke fita tara, ƙofar makaranta a buɗe, masu awara da ɗanwake sun cika zaure. Yarinya ƙarama haka, wa zai lura ta sulale? Titin nan kuwa ba na wasa ba ne, tirela da 'yan adaidaita ne ke rububin hanya. Karo na farko mai awara ce ta cafko ta. Karo na biyu sai ƙarar birki muka ji. Na fita ba takalmi. Na tarar da ita a tsakiyar titi, tirela ta tsaya bai fi taku uku da ita ba, direban ya kifa kansa a kan sitiyari yana salati.

Ranar shugaban makaranta, Malam Lawal, ya kira Aina'u da Malama Saudat ofis. Ni ma na shiga, ba wanda ya kira ni.

"Ba zan jira a kawo mini gawar yaro ba," in ji shi. "Ki nema mata wani wuri."

Aina'u ta durƙusa. "Malam, ku yi mini rai. Nan ce kaɗai ake riƙe mini ita har maƙwabciyata ta taso daga kasuwa. In kun kore ta, sai dai in kai ta Gumel wurin kakarta. Sai sallah sallah zan riƙa ganinta."

Malama Saudat ta ce, "Malam, a ba ni mako biyu."

"Ki yi me da su? Ɗaure ta za ki yi?"

"Doka za mu rubuta ni da yaran."

Ya dube ta kamar bai ji daidai ba. Can ya ce ya ba ta zuwa Alhamis ta sama. Amma in Sumayya ta taka dokin ƙofar aji lokacin jiniya, ko sau ɗaya, ko kuwa ya leƙo ya ga an riƙe ta da ƙarfi, magana ta ƙare. Yaron da sai an danne shi, in ji shi, ranar da mai dannewa ta juya baya shi ke nan.

Muna fitowa na tare ta. "Malama, wace irin doka kuma? Kin ga bangon ajinki kuwa? Ga dokoki nan goma sha biyu tun kafin ki zo."

Da gaske suna nan, a can sama kusa da silin, da Turanci, kowacce ta fara da kada kaza.

Ta ce, "Iya Atika, a cikin yaran nan wa ya iya karanta su? Wa ma tsawonsa ya kai ya gan su?" Sai ta ba ni labarin kamfaninsu. Ta ce mai duba aiki yakan wuni yana ihu, kar ku yi kaza, kar ku taɓa kaza, matan da suka zo daga ƙauye da Nijar sai su daskare, ba su san me ake so su yi ba. Amma akwai wani shuɗin allo a jikin inji, da hoton hannu sanye da safa. Wannan kowa ya bi shi, har wadda ba ta taɓa riƙe fensir ba. "In kin ce wa yaro kar ya gudu, kin hana shi abu ɗaya, kin bar shi tsaye ba abin yi. Sai ƙafarsa ta zaɓa masa."

Na ce, "Allah ya ba da sa'a." A raina kuwa cewa nake tsumagiya ɗaya ta dogonyaro ta gama wannan zancen.

Washegari Talata ta zaunar da su a tabarma, ita ma ta zauna a ƙasa tare da su, ta shimfiɗa kwalayen indomi da ta yayyanke. Ta ce, "Ajin nan namu ne. Me za mu riƙa yi don kowa ya ji daɗinsa?"

Kai, bakin yara. Wannan ya ce kar a yi duka. Waccan ta ce kar a ci abincin wani. Wani ya ce kar a yi tusa, aji ya kwashe da dariya. Duk abin da ake faɗa musu a gida suka juye mata. Ba ta ƙi na kowa ba. Sai dai kowanne ta ce, "To, in ba mu yi wannan ba, me za mu yi?" Wata yarinya mai surutu, Halimatu Sa'adiya, ta ce kar a ƙwace fensir. Malama ta ce, "In kina son fensirin wani fa?" Ta sosa kai, ta ce, "Sai in ce ara mini." Nan take Malama ta rubuta da Hausa, manyan baƙaƙe: Muna cewa ara mini. Ta zana yara biyu, ɗaya yana miƙa wa ɗaya fensir.

A haka suka tattara surutun nan ya koma guda huɗu. Muna tafiya a hankali a cikin aji. Muna sauraro in wani yana magana. Muna cewa ara mini. Muna jera takalma a bakin ƙofa. Ta ce kan ɗan shekara biyar ba ya ɗaukar dokar da ta wuce yatsun hannu ɗaya, saura gurbi ɗaya ke nan.

"Jiniya fa?" in ji ta. "In ta yi kuka me za mu yi?"

Duk suka juya suka kalli Sumayya. Wani ya ce, "Kar a gudu titi." Sumayya ta cusa kai tsakanin gwiwoyi. Na duba agogo, sha ɗaya da kwata. Saura minti goma sha biyar jiniya ta yi kuka.

Malama ba ta kira sunanta ba. Cewa ta yi, "Su wa ke da wani nasu a kamfanin can?" Hannu ya kai tara. "In kun ji jiniya me kuke so?"

Sai ga wata 'yar murya daga tsakanin gwiwoyi. "In ga Umma."

"Daga ina za a iya ganin Umma ba a fita ba?"

Yaran suka waiwaya. Sumayya ce da kanta ta nuna taga.

Malama ta rubuta ta biyar: In jiniya ta yi kuka, muna zuwa taga mu ɗaga hannu. Ta zana yarinya mai kitso biyu a bakin taga. Ashe tun jiya ta gama magana da Aina'u cewa ta riƙa tsayawa jikin turken lantarki na tsallake kafin ta tafi wurin mai abinci. Ta manna kwalayen a bango daidai tsayin idon yara, ta jawo benci ƙarƙashin taga, wadda dama akwai ƙarfuna a jikinta. Sannan ta ce in yi kukan jiniya su gwada. Ni da girmana, na tsaya ina wiii kamar motar asibiti. Sau biyu suka gwada, na uku jiniyar gaske ce ta karɓe ni.

Sumayya ta zabura ta yi ƙofa. Na yunƙura, Malama ta ɗaga mini hannu. Ta dafa kwalin ta ce, "Sumayya, me muka ce?" Yarinya ta tsaya, ƙafa ɗaya a gaba. Ta kalli hoton, ta kalli ƙofa. Sai Halimatu Sa'adiya ta ƙwala daga kan benci, "Ga Ummanki can!" Ta juyo da gudu. Malama ta ce, "A hankali muke tafiya."

Haka muka yi Laraba, Alhamis, Juma'a. Kullum da safe sai an bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, yaro ya taɓa ya faɗa. In wani ya bi, Malama ta faɗi abin da ya yi a gaban kowa: "Na ga Sagir ya jera takalminsa." Ba na cewa aji ya zama aljanna, ana nan ana cizo. Amma na fara jin bakina yana sauyawa, in zan ce kar ka hau tebur sai in ji na ce sauko da ƙafarka ƙasa. Haushin kaina ma ya kama ni.

Ranar Litinin muka shigo muka tarar da bango fayau. Ba kwali ko ɗaya, sai tabon gam.

Abin da muka manta shi ne, Asabar da Lahadi ajin nan na Islamiyya ne, a ciki Malam Alhassan yake jan ɗalibansa sallar La'asar. Malama kuwa ta je ta manna hotunan yara masu ido da baki a bangon gabas, daidai alƙibla. Ni da na shekara goma sha huɗu a gidan, ni ya kamata in tuna mata, ban tuna ba. Ta kira shi a waya, yana wurin aikinsa a Bompai.

Ina jin muryarsa daga inda nake. "Malama, ba raini ba ne. Ba zan tsayar da yara salla suna fuskantar hoton mutane ba. Ban yaga ba, suna cikin kabad ɗina, sai dai makullin yana aljihuna."

Na ce ta ba ni wayar in gaya masa magana. Ta hana ni. Ta ce masa, "Kuskurena ne, Malam, ku yi haƙuri. In hannu ne kawai da ƙafa, ba fuska, kuma a bangon yamma fa?"

Ya ce wannan ba laifi.

Yara suka shigo suka ga ba hotuna. Nan take Sagir ya sanar wa aji cewa an cire doka. Ka ga takalma a warwatse, ka ga tsere tsakanin benci. Sumayya kuwa ta je ta tsaya inda hotonta yake a da, tana shafa tabon gam. Ta ce, "Malama, yau Umma ba za ta zo ba?" Ƙarfe tara saura. Malam Lawal ya leƙo, ya ga bangon, ya ga ajin, ya wuce.

Malama ta aike ni shagon bakin titi na roƙo kwalaye. Ta sake zaunar da su, ta ce, "Hotuna sun tafi. Doka tana ina?" Suka waiwaya suna kallon bango. Can Halimatu Sa'adiya ta fara jero su, saura suka kama. Wannan karon ba Malama ce ta yi zanen ba. Sagir ya taka kwali aka zagaye ƙafarsa da alƙalami, dokar tafiya ke nan. Aka ɗora takalman wata aka zagaye. Hannu biyu da fensir a tsakani. Kunne ne kawai ta zana da kanta. Na taga kuma Sumayya ta ɗora tafinta, aka bi yatsunta biyar, aka ja mata layukan ƙarfen taga a baya. Sha ɗaya da minti ashirin muka manna na ƙarshe, gumi har cikin idona. Jiniya ta yi, Sumayya ta hau benci, Aina'u tana jikin turke. 

Sai ranar Alhamis, ranar ƙarshe. Tun sha ɗaya da kwata Malam Lawal ya fito ya tsaya a tsakar gida, inda yake hango ƙofarmu. Jiniya ta yi kuka. Yara suka tafi taga, Sumayya a gaba, hannu a sama. Ƙofar kamfani ta buɗe, maza suka fito, mata suka fito. Jikin turke ba kowa.

Sauran yara suka gaisa da nasu, suka sauko suka buɗe kwanonin abinci. Sumayya ba ta sauko ba. Minti biyar. Na ga kafaɗunta sun fara rawa. Ta sauke ƙafa ɗaya daga benci, ta juya ta kalli ƙofa. Ƙofa a buɗe, hayaniyar 'yan firamare ta cika zaure.

Na raɗa wa Malama, "Bari in rufe ƙofar nan."

"Yana kallo, Iya. In kin rufe, daidai yake da kin riƙe ta."

"To a kore ta ɗin, ya fi a kwashe ta a titi."

"Je ki tsaya a zaure," in ji ta. "In ta fito, ki kama ta, a kore ta da ranta. Amma sai ta fito."

Na tafi, na wuce Malam Lawal ban ko dube shi ba, na tsaya inda nake ganin cikin aji ta ƙofa. Wallahi a lokacin na tsani matar nan. Sumayya ta sauko gaba ɗaya. Ta yi taku uku zuwa ƙofa, tana kuka mara sauti. Malama ba ta taɓa ta ba. Durƙusawa ta yi a gefen kwalin, ta ce, "Sumayya, na san kina son Umma. Ni ma ban san abin da ya tsare ta ba. Wannan hannun wa ne?"

Yarinya ta tsaya. Tsakaninta da dokin ƙofa bai fi tsawon tabarma ba. Wata tirela ta wuce, ginin ya girgiza.

"Nawa ne."

"Me yake yi?"

 Ta kalli zanen tafinta a jikin kwalin. Sai ta juya, ta koma ta hau benci, ta ɗaga hannu ga turken da ba kowa. Malama ta je ta tsaya a gefenta ta ɗaga nata. Da hannun dama ya gaji sai yarinya ta sauya na hagu. Haka suka tsaya har jiniyar komawa aiki ta yi ƙarfe sha biyu, aka rufe ƙofar kamfani. Sannan ta sauko ta kwanta a cinyar Malama, ta yi kukan da ya fi na ɗazu.

Malam Lawal ya zo bakin ƙofa. Ya daɗe yana kallon kwalayen nan na indomi. Ya ce, "A gaya wa uwarta a kawo ta gobe." Ya juya da sauri ya shige ofis.

Da yamma ni da Malama muka je gidan da Aina'u take haya, muka jira ta tare da Sumayya. Ta shigo da zaren buhu a mayafinta, tana ganinmu ta dafe bango. Ta zaci kora muka kawo. Ashe odar buhuna ce ta matse kamfanin, mai duba aiki ya hana layinsu fita, ya ce kowa ta ci abinci a bakin inji, wayoyinsu kuma suna wurin masu gadi. Malama ta gaya mata yadda aka yi, ba ta ƙara ba ta rage ba.

Aina'u ta zame ta zauna a ƙasa. "Rabin awa? Ba kowa a wurin, tana ɗaga hannu?"

"Har aka rufe ƙofa," na ce.

Ta jawo Sumayya ta rungume, tana murza mata kafaɗa. Ta ce, "Da na ji jiniyar nan na ce shi ke nan, 'yata tana titi. Na roƙe shi, ya ce in na fita kar in dawo. Ban san abin da zan yi ba. Sai na juya wajen bangon da ke saitin makaranta na ɗaga hannuna, matan layinmu suna ta kallona."

Sumayya ta ɗago kai ta ce, "Umma, naki ma ya gaji?"